Kafin mu tambayi mai ciki damuwarta, mu fara sanin inda za mu kai ta

Duk wadda ta taɓa aikin ranar awo a ƙaramin asibitin unguwa ta san yadda take. Kafin ƙarfe takwas benci ya cika, mata kusan tamanin, mu ungozoma biyu. A gwada hawan jini, a hau sikeli, a duba fitsari, a ɗora tef a ciki, a saurari bugun zuciyar jariri, a ce ta gaba. Akwai wata yarinya da ta zo mini awo sau biyar a haka, katinta tsaf. Ban sake ganinta ba sai ranar rigakafin sati shida, kakar jaririn ce ke riƙe da shi, ita kuwa tana gefe ta zuba wa ƙasa ido, ta rame har zanin ya yi mata yawa. Da na ja ta gefe sai ta ce tun cikin yana wata biyar ba ta barci, kuma kullum addu'arta kada ta tashi daga haihuwar. Sau biyar hannuna yana kan cikinta ban tambaye ta ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin ɗari na masu ciki, da kusan kashi 20 na masu jego, suna fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, mafi yawanta ciwon damuwa. A wancan bencin na mata tamanin, ana maganar mutum goma sha wani abu ke nan. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma a arewa galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa da irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri. Saboda haka aikin a hannunmu yake, mu da ma'aikatan lafiya na matakin farko.

Ra'ayina shi ne, daga ƙarshe ake fara tsara wannan aiki. Na ga inda aka raba takardun tambayoyi, aka cike su, aka jibge a kwali, wadda makinta ya yi sama ta koma gida kamar kowa. Wannan ya fi rashin tambayar muni, don matar ta buɗe cikinta ta ga ba a yi komai ba, kuma ba za ta ƙara ba. Kafin a yi wa mace ɗaya tambaya, shugabar sashen awo ta samu lambar wayar wani likita ko nas na ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya amince zai ɗaga kira a lokacin aiki. Ta san asibitin da za a kai larurar gaggawa da ranar da suke ganin marasa lafiya, ta san wa zai biya kuɗin mota. Sannan a horar da aƙalla mutum biyu a kan littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka rubuta domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba. Na ce biyu ne saboda ɗaya za ta tafi hutun haihuwa ko a canza mata wurin aiki.

Sai maganar lokaci. Ma'aunin tantance ciwon damuwa ga masu ciki da masu jego da aka fi sani shi ne EPDS, wanda aka fitar a 1987: tambayoyi goma a kan kwana bakwai da suka wuce, kowace tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 30. Kyawunsa shi ne bai dogara da gajiya ko canjin cin abinci ba, waɗanda ciki kansa ke kawowa. Amma yawancin matanmu sai an karanta musu, kuma hakan yana cin aƙalla minti biyar. Mata tamanin sau minti biyar, kusan awa bakwai ke nan. Ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne rariya biyu. Kowace mace a yi mata tambayoyi biyu a ranar yankar kati, a maimaita wajen sati 28 zuwa 32, a kuma yi a sati shida bayan haihuwa. Na farko: a wannan watan, kina yawan jin ƙunci ko baƙin ciki, ko ki ji kin yanke ƙauna? Na biyu: abubuwan da kika saba jin daɗinsu, sun daina yi miki daɗi? Wadda ta ce eh ga ko da guda ɗaya, ita ce za a zauna da ita a yi mata goman.

Wurin tambayar yana da nauyi kamar tambayar kanta. A teburin gwajin jini ba a yi, don ga 'yar rakiya, ga maƙwabciya a layi. Gadon awo a bayan labule shi ne kaɗai inda mai ciki take ita ɗaya da ke. Kuma ki sa a ranki amsar farko "ba komai, Alhamdulillahi" ce. Matanmu da jiki suke faɗin damuwa: ciwon kai da ya ƙi jin magani, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar kai, "jikina duk ya mutu", "tunani ya yi mini yawa". Wadda ta dawo sau uku da irin wannan ƙorafi, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, a yi mata goman ko da ta ce a'a ga biyun farko.

Bari in kawo misali. Mace ce 'yar shekara ashirin da huɗu, ciki na uku, sati 28, na goye bai cika shekara biyu ba. Na tambaye ta ina auna cikin, sai hawaye ya gangaro ta gefen ido zuwa kunnenta, ba ta ce uffan ba. Na ce ta jira ni in sallami layi. Makinta ya kama 16. Mu a wurinmu mun tsayar da cewa ƙasa da 10 a ci gaba da awo, 10 zuwa 12 a maimaita bayan sati biyu, 13 zuwa sama a zauna a yi cikakken bincike a ranar. Wasu wuraren da 12 suke aiki. Abin da ya kamata shi ne a tsayar da lamba ɗaya, a manna ta a bango. A kula da lissafin ma: tambaya ta 1, ta 2 da ta 4 makinsu yana hawa daga sama zuwa ƙasa, sauran bakwai a juye suke. Na sha kama takardar da aka lissafa duka hanya ɗaya, mai tsananin ciwo ta fito kamar lafiyayya.

Tambaya ta goma a kan tunanin cutar da kai take, kuma ita ba ta jiran jimilla. Ko maki ɗaya aka samu, ba a sallami mace ba sai an yi magana. Ita wannan ta samu 1. Na tambaye ta kai tsaye, don tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin: kin taɓa tunanin kashe kanki? Kin tsara yadda za ki yi? Akwai fiya-fiya ko maganin ɓera a ɗakinki? Ta ce takan ji da ma ta kwanta ba ta farka ba, amma ba ta taɓa shirya komai ba, tana tsoron Allah, tana tausayin 'ya'yanta. Da ta ce ta tanadi abin sha, ko ta taɓa gwadawa, to ba za a bar ta ita kaɗai ba, a ranar za a kira lambar nan a raka ta asibiti.

Maki 16 bai tabbatar da ciwo ba, nuni ne kawai. Sai da na bi alamomin kamar yadda mhGAP ya tsara, na ga sun wuce sati biyu kuma sun hana ta girki da kula da yara. Na duba jininta na samu 9.5, ƙasa da 11 da ake so ga mai ciki, muka gyara shan maganin ƙarin jini, don ƙarancin jini shi kaɗai yana kawo kasala da bugun zuciya. Na tambaya ko ana dukanta a gida, ta ce a'a. Na tambaya ko ta taɓa yin kwanaki ba barci amma ƙarfi ya yi mata yawa, tana surutu ba tsayawa. Wannan tambaya ba a tsallake ta, domin mai irin wannan tarihi idan aka ba ta maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar mata da ciwon, kuma tana cikin haɗari babba bayan haihuwa. Mai irin wannan tarihi likita ne zai gan ta tun da cikin.

Maganin da muka fara da shi zama ne, minti ashirin duk sati biyu. Na bayyana mata cewa ciwo ne, ana warkewa, ba raunin imani ba ne. Muka zaɓi abu biyu da ta daina ta koma musu: zuwa islamiyya ranar Asabar, da kitso a gidan ƙawarta. Da izininta na kira maigidan, muka yi maganar ƙanwarsa ta zo ta riƙa ɗaukar na goye da rana ta samu barci. Wannan salo ba ni na ƙirƙira ba; an gwada irinsa a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya mata na unguwa, an kuma gwada a asibitocin matakin farko na jihar Oyo ƙarƙashin jagorancin Farfesa Oye Gureje, inda mafi yawan matan suka samu sauƙi a hannun masu yi musu awo. Bayan sati huɗu makinta 14, bayan takwas 9. Da ya tsaya cik ko ya hau bayan sati huɗu zuwa shida, da likita za a kira a yi shawarar magani. Ungozoma ba ta fara wa mai ciki ƙwayar damuwa da ra'ayin kanta.

Bayan haihuwa akwai abu biyu da ke ruɗa mu. Kukan da maijego ke yi ba dalili daga kwana na uku zuwa wajen suna abu ne da ya zama ruwan dare, yana wucewa kafin sati biyu. Wanda ya zarce haka shi ne abin bincike. Haka nan mai haihuwar fari da ba ta ɗaukar ɗanta a gaban surukai, sau da yawa kara ce da kunyar ɗan fari. Ki kalle ta idan ɗaki ya watse tana shayarwa, a nan za ki gane. Amma maijegon da ta kwana biyu ko uku ba ta runtsa ba, tana maganar da ba ta haɗuwa, tana jin muryoyi, ko tana cewa an canza mata jariri, wannan larurar gaggawa ce da ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin dubu, galibi a sati biyun farko. A gida za a ce iska ce ta buge ta a wankan jego. Ni ba na jayayya da masu ruƙiyya. Nakan ce a yi addu'ar a cikin mota, a bar jaririn a hannun kaka, a kai ta asibiti yau.

Inda muke yawan ɓatar da mata shi ne tafiya wankan gida, da kuma rashin dawowa duba lafiyar jego. Amma suna kawo yara rigakafin sati 6, 10 da 14. Shi ya sa muka ajiye ƙaramin littafi a aljihun tebur mai makulli, da suna, maki, ranar dawowa da lambar wayar da ita matar ta yarda a kira. Ba ma rubuta sunan ciwon a katin da take tafiya da shi gida, don kowa yana buɗe shi. Ɗigon jan biro muke yi a kusurwa, mai rigakafi ta gani ta turo mana ita. Kowace Juma'a kafin a tashi nakan buɗe littafin, duk wadda ranarta ta wuce ba ta zo ba in kira ta.