Saƙon dabino: an biya ko za a biya?

Shagon dabino ne a Shara Mansur, cikin Makka, bayan la'asar ranar Alhamis. Alhaji Bakano yana zagaya kantar da babu komai a kanta sai sikeli. Ɗan 'yar'uwarsa Sabo, haihuwar Makka, yana riƙe da waya. Malam Bazazzagi, tsohon malamin Hausa da ya zo umara, yana kan benci da kofin shayi.

ALHAJI: Malam, mutumin Madinan nan ya raina ni. Kwana goma sha ɗaya kaya ba su iso ba, na sa an rubuta masa saƙo mai zafi, ya amsa min da “madalla”.

MALAM: Wa ya rubuta?

SABO: Ni ne, Malam. Kawu yana faɗa ina dannawa.

MALAM: Miƙo in gani.

Ga abin da ke cikin wayar:

“salam alhaji dabinon da mun yi oda ranar 3 ga shaaban ajwa 40 sukkari 60 zan biya rabin kudin riyal 5.00 na biya sauran in kaya sun iso kace zaka turo 10 ga wata ba su zo ba damuwa ta yi yawa azumi ya zo ka turo ranar lahadi”

MALAM: Inna lillahi. Yaro, da kake rubuta wannan, ka yi numfashi kuwa?

SABO: Kawu ma bai yi ba.

MALAM: Karanta mana amsar.

SABO: Ya ce: “Madalla Alhaji. Tunda ba damuwa, sai Lahadi kamar yadda ka ce. Rabin da za ka biya muna jira. Sauran da ka ce ka biya ba mu ga shigarsa ba. Azumin kuma mu nan Madina ba mu ji an ga wata ba.”

ALHAJI: Ka ji ko? Ni na ce ba damuwa? Ni da na kwana uku ina lissafi da carbi?

MALAM: Bakinka bai faɗa ba, wayarka ta faɗa. Dubi nan: “ba su zo ba damuwa ta yi yawa”. Wannan “ba” ta ƙarshe ta korewa ce, abokiyar “ba” ta farko, ita ke rufe “ba su zo ba”. Da yake ba a sa aya a bayanta ba, sai ta jingina da kalmar gabanta, ido ya karanta “ba damuwa”. Mai riƙe da kuɗinka kuwa abin da ya yi masa daɗi zai gani. Sa aya bayan “ba”, ka fara “Damuwa” da babban baƙi.

ALHAJI: Ɗigo ɗaya ne ya jawo min wannan? Sabo, zuba masa guda goma, ai kyauta ne.

MALAM: Kanawa ke nan, in abu kyauta ne sai a nemi buhu. Ɗigo uku a jere zarce ne, yana nufin magana ba ta ƙare ba. Guda ɗaya nake so. Yanzu batun kuɗi. Rabin nan, ka biya ko ba ka biya ba?

ALHAJI: Tun ranar da aka rubuta fatura na tura ta banki. Riyal dubu biyar cur, kafin alƙalami.

MALAM: To me ya kawo “zan biya”? “Zan” na abin da bai faru ba ne. Da hannunka ka rubuta wa mutum cewa kuɗin da ke aljihunsa ba su isa ba tukuna. In rigima ta kai gaban dattawan kasuwa, wannan layin zai fara nunawa.

SABO: Ni na ɗauka ladabi ne, Malam. “Na biya” kamar gori.

ALHAJI: Ladabin dubu biyar! A albashinka zan cire ladabin.

MALAM: Abin da ya wuce “na biya”, tare da rana da hanya: na biya ranar 3 ga Sha'aban ta banki. Ka ɗora hoton rasit a ƙasa. Adadin ma ka ɓata shi. 5.00 riyal biyar ne, kuɗin shayi da burodi. A rubuta 5,000 da waƙafi da sifiri uku, a maimaita da kalmomi, dubu biyar, don in yatsa ya zame a lamba, kalma ta tsare.

ALHAJI: To “na biya sauran” fa? Wannan ni na faɗa da bakina, kuma Hausa ce tsantsa. Kar Bazazzagi ya koya wa Bakano Hausa.

MALAM: A baki daidai ne. Sake faɗa in ji.

ALHAJI: Naa biya sauran in kaya sun iso.

MALAM: Ka ji yadda muryarka ta hau ta gangaro a kan “na”? Wannan lokaci mai zuwa na biyu ne, na alkawarin da ba a ɗaure shi tamau ba, kamar ka ce “ma gani” ko “ka sha mamaki”. Wanda ya wuce kuwa murya a sama take tsayawa. To rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka su biyun duk “na biya” ne a takarda. Mutumin ya karanta cewa ka riga ka biya, ya tafi duba asusunsa. A saƙon ciniki, in abu bai faru ba, “zan” kawai.

SABO: Wato inda ya kamata “na” na sa “zan”, inda ya kamata “zan” na sa “na”.

ALHAJI: Da ka juya wayar ƙasa-sama da ka ci jarrabawa.

MALAM: Saura Lahadin. Me kake nufi da “ka turo ranar lahadi”?

ALHAJI: Tambayarsa nake. Direbansa ya ce wa wani an yi lodi Lahadin da ta wuce. Ka turo ranar Lahadi? Haka na ce.

MALAM: Ina alamar tambayar? Babu. Ita ma “ka” fuska biyu gare ta a rubuce: akwai ta “ka riga ka yi”, akwai ta umarni. Da babu alamar, ya ɗauki ta umarni, ya ce an ba shi izini zuwa Lahadi. Wace Lahadin ma? Ba ka sa kwanan wata ba. Yana iya zaɓar ta bayan salla.

ALHAJI: Bayan salla wa zai sayi dabino? Sai dai in ci abina.

MALAM: Shi ya sa kowace rana za ta zo da kwanan watanta. Kuma “azumi ya zo” a hira ba laifi, amma ga shi ya samu abin yi maka ba'a. Yau 21 ga Sha'aban, sai ka ce saura kwana tara ko goma.

SABO: Malam, “da mun yi oda” fa? Na ga ka ɓata fuska.

MALAM: Bayan “da” mai bayanin suna, “mun” ba ta zama, “muka” ce: dabinon da muka yi oda. Haka “sun” ta koma “suka”, “kun” ta koma “kuka”. In ka bar “da mun yi”, kunne yana jiran sharaɗi, kamar “da mun yi oda da mun huta”. Sannan raba kalmomi: “ka ce za ka”, huɗu ne, ba biyu ba. “Zaka” a haɗe saura baƙi ɗaya ta zama zakka.

ALHAJI: In zai turo zakkar ma ina karɓa.

MALAM: Ajwa 40, arba'in ɗin me? Kilo, kwali, ko ƙwaya?

ALHAJI: Kwali mana. Na ajwa kilo biyar-biyar, riyal 160. Sukkarin ɗanye ne, kilo uku-uku, riyal 60. Kuma ya san sai a mota mai firji, in ba haka ba zafin hanya ya sa shi tsami ya dagargaje a kwali. Tafiyar awa biyar ce fa, ba Kano na ce ya kai ba.

MALAM: Duk wannan a saƙo ya kamata ya kasance, ba a cikinka ba. In bai turo ba kuma me za ka yi?

ALHAJI: In tsine masa.

MALAM: Wannan ba ya shiga fatura. Ka ba shi rana, ka faɗi abin da zai biyo baya. Sabo, goge. Rubuta, kuma inda na yi shiru ka sa aya.

Sabon saƙon ya fito haka:

“Assalamu alaikum, Alhaji. Ina magana ne a kan dabinon da muka yi oda ranar 3 ga Sha'aban, fatura mai lamba 218: ajwa kwali 40 masu kilo 5, a kan riyal 160 kowanne, ɗanyen sukkari kwali 60 masu kilo 3, a kan riyal 60 kowanne. Jimla riyal 10,000.

Na biya rabi, riyal 5,000, wato dubu biyar, ta banki a ranar. Ga hoton rasit. Zan biya sauran 5,000 ranar da kaya suka iso.

Ka ce za ka turo ranar Lahadi, 10 ga Sha'aban. Yau Alhamis, 21 ga wata, ba su iso ba. Damuwa ta yi yawa, domin saura kwana tara ko goma azumi. An yi lodi ranar Lahadi, 17 ga wata? In an yi, turo min lambar mota da ta direba. In ba a yi ba, ina so kaya su iso Makka zuwa ranar Litinin, 25 ga Sha'aban, a mota mai firji. In ba zai yiwu ba, ka sanar da ni yau, ka mayar min da kuɗina in nema a wani wuri. Na gode.”

ALHAJI: Cire “na gode”. Me ya yi min?

MALAM: Bar ta. Dubu biyar ɗinka suna hannunsa.

SABO: Na tura. Ya karanta. Kawu, yana rubutu! Ya ce: “Afuwa Alhaji ba a yi lodi ba na turo gobe”.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, ya turo!

MALAM: Zauna. Wa ya taɓa turo kaya gobe a jiya? Wannan ita ce “na” mai gangarowa, irin taka. Kuma gobe Juma'a, ka tabbata za a samu masu lodi? Sabo, rubuta masa: “Wace rana za a yi lodi, ƙarfe nawa, kuma mene ne lambar motar?” Alamar tambaya ɗaya a ƙarshe.

SABO: Ya ce: “Za a yi lodi Asabar bayan asuba. Zan turo lambar mota da dare.” Har da aya, Malam.

MALAM: Ya gane an samu mai karatu a shagon. To Alhaji, ladan gyara: kwalin ajwa ɗaya in kaya sun iso.

ALHAJI: Na ba ka.

MALAM: Ban ji muryar da kyau ba. Ta tsaya a sama ko ta gangaro?

ALHAJI: Maƙogwarona ya dushe, Malam. Sabo, rubuta masa.