Kuɗin da aka cire wa ma'aikaci bashi ne a wuyan kamfani

Shekara shida ke nan ina lissafin albashi a wani ƙaramin kamfani a Birmingham. Watan jiya ƙanena ya kira ni daga Kano ransa a ɓace: ya nemi bayanin asusun fanshonsa, sai ya tarar wata tara ba a zuba ko sisi ba, alhali kowane wata takardar albashinsa na nuna an cire.

A ce albashin ma'aikaci a Najeriya naira 200,000 ne, kuma dukansa na cikin wanda ake lissafa wa fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire masa kashi 8, wato 16,000, mai kamfani ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, 20,000. Ga kuma kashi 1 na asusun diyyar ma'aikata na NSITF, 2,000. Mu ƙaddara harajinsa 10,000 ne. Abin da zai shiga hannunsa 174,000, amma abin da kamfani ya ɗora wa kansa 222,000 ne. To, ina 48,000 ɗin da ke tsakani? Yana nan a bankin kamfani, kuma a littafin lissafi sunansa bashi: 36,000 na asusun fansho, 10,000 na hukumar harajin jiha, sauran na NSITF.

A nan ne da yawa daga 'yan kasuwarmu ke yaudarar kansu. Mutum ya ga kuɗi kwance, sai ya sari kaya ko ya sayi dizal da su, yana cewa idan kasuwa ta buɗe zai mayar. Ni a wurina cin amana ne, domin gumin wani ya juya ba da izininsa ba.

Ba wai Turawa sun fi mu tsoron Allah ba. Hanyar ce aka toshe. A nan Birtaniya dole in aika wa hukumar haraji ta HMRC bayanin albashin kowa a ranar biya ko kafinta, don haka ta san abin da take bin mu tun kafin 22 ga wata mai zuwa, ranar da kuɗin za su isa gare ta. Najeriya ma tana da wa'adi: fansho cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, haraji zuwa 10 ga wata mai kamawa, da tarar da ba ta gaza kashi 2 a wata ba kan fanshon da aka riƙe. Dokar ba ta da laifi, bibiya ce ta yi ƙaranci.

Akanta na gane matsalar cikin sauƙi: shafin bashin fansho ya kamata ya koma sifili kowane wata, idan yana ta kumbura to ba a biya. Na ce wa ƙanena ya haɗa takardun albashinsa tara da bayanin asusun, ya fara tuntuɓar ofishin da yake aiki cikin mutunci, idan suka yi biris ya kai kuka PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa.