Samarin fada, ku ƙirga kwanaki kafin ku sayi Royale Pass

Ƙannena masu buga PUBG Mobile, da ku nake. A fadarmu ta nan Yamai, shayi bai kai ga zubin farko ba sai an fara maganar sabon zango da kayan da ya zo da su. To bari in ba ku labarin ƙanena.

Ranar da aka buɗe zango ya kai wa mai sayar da UC, kuɗin cikin wasan, kusan jika bakwai, aka zuba masa 720 UC, ya buɗe Royale Pass. Shi a zatonsa ya sayi kayan nan da ke ƙyalli a fuskar wayarsa. Ashe izinin yin aiki ya saya. Matakai 100 ne, cikin wata biyu, kuma yawanci ana hawa ne da makin da ake samu ta ayyukan mako-mako. Ku raba 100 gida takwas: mataki 12 zuwa 13 ke nan kowane mako. Kaya masu kyan gaske suna can sama, UC ɗin da ake cewa za a mayar maka kuma an yayyafa su a kan hanya, ba ka tattara su duka sai ka kai can ƙarshe.

Sai zafi ya shigo, kuran yana ɗaukewa, wayar ba caji, ga jarrabawa ta matso. Forfe ma ya ƙare masa sau biyu, wanda bai sa a lissafi ba. Zango ya rufe yana mataki na 62. Abin da ke sama ya tafi, UC ɗin da ya dawo bai isa sayen na gaba ba. Makon ƙarshe har asuba yake kaiwa, ido jajur, ba don daɗin wasa ba, don kada kuɗinsa su faɗi. Na tausaya masa, amma sai da na yi dariya.

Ga abin da zan ce ku yi. Akwai layin kyauta, kuma matakan nan dai su ne kuke hawa ko kun biya ko ba ku biya ba. Ku buga yadda kuka saba har saura mako biyu. In kun ga kun haura 80, ku saya, kayan matakan baya duka za su zubo muku. In kuna 40, ku riƙe kuɗinku.

Su kuwa bukukuwan ɗan lokaci masu akwati da juya ƙafar sa'a, waɗannan wata dabba ce. Can ba mataki, sa'a ce kawai, agogon da ke ƙirga kwanaki an sa shi ne don ya zaburar da ku. Kuma rigar da kuke bi ba ta ƙara wa bindiga ƙarfi. Ƙanena da sabuwar hularsa, yaron da bai taɓa biyan ko dala ba ne ya harbe shi jiya.