Wanda aka bar wa masu nauyi, da shi ake ɗora wa laifi

Akwai wata magana da nake yawan ji a gidajen dubiya, kuma duk lokacin da na ji ta sai raina ya ɓaci: “Kada ku kai shi babban asibiti, can ake mutuwa.” Gwaggona da kanta ta faɗa mini haka lokacin da mijinta ya kwanta. Ta ƙirga mini mutanen unguwarsu da aka kai can aka dawo da gawa, sannan ta ƙirga waɗanda suka je ƙaramin asibitin unguwa suka dawo da ƙafarsu. Na ce, “Gwaggo, waɗanda aka kai can ɗin, a wane hali aka kai su?” Ta yi shiru tana murza carbinta. Ita ma ta san cewa sai ciwo ya gagari ƙaramin asibiti ake rubuta takarda a tura mutum gaba.

Ƙirgen Gwaggo daidai ne, hukuncin da ta yanke da shi ne ya kauce. Kuma masu digiri ma suna faɗawa wannan ramin da alƙaluma a hannunsu. Bari in nuna muku da wani bincike na gaske.

A 1986 wasu likitoci a Birtaniya, Charig da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon hanyoyin cire tsakuwar ƙoda. Biyu daga ciki su ne abin dubawarmu. Ta farko ita ce tiyatar da aka saba, a yanka a buɗe a ciro tsakuwar. Ta biyu kuma a huda ƙaramar kafa ta fata a zura na'ura har cikin ƙodar. Kowace hanya an duba mutum 350. Tiyatar buɗewa ta yi nasara a kan 273, wato kashi 78 cikin ɗari. Hanyar huji ta yi nasara a kan 289, kashi 83. Duk wanda aka nuna wa wannan zai ce huji ya fi, magana ta ƙare.

To amma sai a raba marasa lafiyar gida biyu bisa girman tsakuwar. Masu ƙarama, wadda ba ta kai santimita 2 ba: an yi wa 87 tiyatar buɗewa, 81 suka dace, kashi 93. An yi wa 270 huji, 234 suka dace, kashi 87. Buɗewa ce a gaba. Masu babbar tsakuwa: an buɗe 263, aka yi nasara a kan 192, kashi 73. An huda 80, aka yi nasara a kan 55, kashi 69. Nan ma buɗewa ce a gaba.

Ku sake dubawa da kyau. A masu ƙarama buɗewa ta fi, a masu babba buɗewa ta fi, babu wani rukuni na uku, amma da aka haɗa su sai huji ya wuce gaba. Ba a yi kuskuren lissafi ba. Ku tara 81 da 192, za ku samu 273. Ku tara 234 da 55, za ku samu 289. Ranar da na fara ganin wannan sai da na ɗauko biro na tara da hannuna, don zuciyata ta ƙi yarda.

Sirrin yana cikin waɗanda kowace hanya ta ɗauka. Babbar tsakuwa ta fi wuya ko da wace hanya aka bi, shi ya sa nasara ta faɗo daga wajen kashi 90 zuwa wajen kashi 70 a duka biyun. Cikin mutum 350 da aka buɗe, 263 masu babba ne, wato uku cikin huɗu. Cikin 350 da aka huda, 80 kaɗai ne masu babba, ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Saboda haka kashi 78 ɗin nan kusan duk labarin masu wuya ne, kashi 83 kuma kusan duk labarin masu sauƙi ne. An ɗora wa jaki ɗaya mangalar yashi, ɗayan an ɗora masa buhun ƙaiƙayi, sannan aka tsaya ana duba wanda ya riga isa.

Gyaran ba shi da wuya. A ɗauka kowace hanya ta samu rabi masu ƙarama, rabi masu babba. Buɗewa za ta tsaya tsakanin 93 da 73, wato 83. Huji zai tsaya tsakanin 87 da 69, wato 78. Da aka daidaita kayan, sai alƙaluman suka musanya wuri.

Masana ƙididdiga suna danganta wannan juyin da Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, ko da yake Udny Yule ya riga shi taɓo batun tun 1903. Abubuwa biyu ne suke haɗuwa kafin ya faru: akwai wani abu na uku da yake shafar sakamako sosai, kamar girman tsakuwa, sannan abin nan bai rabu daidai tsakanin waɗanda ake kwatantawa ba. Idan ɗaya daga cikin biyun ya ɓace, juyin ba zai yiwu ba. Wannan ne dalilin da ya sa a gwajin magani na ƙwarai ake raba mutane ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓa wa wata hanya masu sauƙi ko da bai yi niyya ba.

Sai dai ina so in ja kunne, domin na ga waɗanda suka koyi wannan suka koma ɗaukar cewa rarrabawa ce gaskiya kullum. Ba haka ba ne. A batun ƙoda rarrabawa ta yi daidai saboda tsakuwar tana da girmanta tun kafin a taɓa mutum, kuma girman yana da hannu a hanyar da aka bi da shi. Amma a ce magani ne yake hana shanyewar ɓarin jiki ta hanyar sauke hawan jini. Idan ka raba mutane bisa awon jininsu bayan sun sha maganin, ka ɓoye aikin maganin da hannunka, domin awon nan shi kansa sakamakon maganin ne. A nan jimillar ce mai gaskiya. Abin tambaya shi ne: abin da nake rabawa da shi ya riga maganin zuwa, ko maganin ne ya haife shi? Alƙaluma ba sa amsa wannan, sai wanda ya san yadda aikin yake gudana. Haka kuma ban ce kowa ya nemi a buɗe shi ba. Binciken 1986 ba da ƙuri'a aka raba mutanensa ba, kuma huji yana da nasa alfanun, ƙaramin rauni da saurin tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda jimilla take zalunta. Kusan kullum wanda ya yarda ya karɓi masu nauyi ne: likitan da ake turo wa wanda kowa ya gaza, malamar da aka ba ajin yaran da ba su iya karatu ba. Idan aka ci gaba da auna su da jimilla tsagwaronta, ana koya musu ne su riƙa korar mai wahala don adadinsu ya yi kyau.

Mijin Gwaggo dai mun kai shi babban asibitin a daren nan. Muna zaune a benci muna jiran a kira mu, motoci biyu suka iso daga ƙauyuka, kowace da marar lafiya kwance a baya da takardar turowa a hannun ɗan rakiya. Gwaggo ta bi su da kallo har aka shige da su, sannan ta juyo ta ce mini, “Ɗan nan, ashe a haka suke zuwa.”