Hausa ba daga Larabci ta fito ba, 'yan uwa ne na nesa

Har yanzu a majalisun Tudun Wada da Sabon Gari a nan Zariya za ka ji mai cewa Hausa ɓurɓushin Larabci ce, hujjarsa alƙalami, alƙali da littafi. Ni a ganina wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. Waɗannan kalmomi aro ne, sun shigo ta hanyar Musulunci da fatauci. Shaidar a jikinsu take: "al" ɗin Larabci ya manne musu har ya zama gangar kalma, ko littafi ma daga al-kitab yake.

Zumuncin gaske a kalmomin da ba a cika arowa ba ake nemansa. Dubi gidanka da gidanki, Balarabe ya ce baituka da baituki. Mutu, shi ya ce mata. Wannan gado ne daga kaka ɗaya mai nisan dubban shekaru. Amma makusantan Hausa su ne dangin da masana ke kira harsunan Cadi, irin su Bolanci, Ngizimanci da Angas. Huɗu ɗinmu a Bolancin Fika poɗɗo ne, Larabci kuwa arba'a, babu ta inda suka haɗu. Sai a su ashirin, talatin har zuwa casa'in ne muka ɗauko ƙirgan Larabawa.

To ta yaya harshe ɗaya ke rabuwa? Sauti ne ke sauyawa, kuma bisa ƙa'ida yake yi. Bajamushe August Klingenheben ya nuna cewa a tsohuwar Hausa, idan k ko g suka zo ƙarshen gaɓa sai su koma u. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma jam'inta ɓakane, Buzu amma Bugaje. A jam'in wasali ya biyo bayan baƙin, sai ya tsira. Daga baya b da m suka bi sahu a gabashi kaɗai: mu da Kanawa muna cewa sauka, zauna, aure, Basakkwace na nan da sabka, zamna, amre. Nasa ne tsohon, duk da dariyar da ake masa.

Mu Zazzagawa ma da namu. Motan Malam, rigan yaro, matana: bambancin namiji da mace ne ke zaizayewa a bakinmu. Malamin makaranta zai sa jan biro, kuma a jarrabawa da gaskiyarsa. Sai dai da a ce hanya ta yanke tsakanin Zariya da Sakkwato na ƙarnoni da yawa, irin waɗannan sauye-sauye za su taru har jikoki su nemi tafinta.

Inda masu son kwatance ke tuntuɓe shi ne kama kalma guda. Hausa da kowane harshe a duniya ba za su rasa 'yan kalmomin da suka yi kama bisa katari ba, don sautukan bakin ɗan Adam ba su da yawa. Sai an ga sauti kaza na wannan harshe yana fuskantar sauti kaza na wancan a kalmomi da dama, musamman ƙirga, sassan jiki da wakilan suna, kafin a fara maganar dangantaka.