Jego ba yaji ba ne

Assalamu alaikum, 'yan uwa, musamman ku iyayen jarirai.

Tun ranar suna wasu gidajen suke yin sanyi, kuma babu wanda ya yi faɗa da wani. An tafi da maijego wankan gida, mijin kuma ya koma baƙo. Yakan leƙa bayan Magariba, ya durƙusa ya gaida surukai, a miƙo masa jariri ya ce "Masha Allah, ya yi ƙiba", ya ajiye kuɗin nama da na itace ya tafi. Minti 10 ke nan. Matar da ta kwana zaune tana shayarwa duk bayan awa biyu ko uku, ga ɗinki yana ja, bai ce mata "ya jikinki?" ba. A ranta tana cewa ɗansa ya zo gani. Shi ma yana tafe yana cewa tun da ta samu ɗa ta manta da shi. Sai a yi arba'in ta dawo, ɗaki ɗaya, hira ba ta wuce "famfas ya ƙare".

Malam, jinin biƙi saduwa ya hana. Malamai sun ba shi hukuncin haila, kuma a kan haila Annabi (SAW) ya ce a yi komai ban da saduwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Nana A'isha (RA) ta ce takan sha ruwa tana haila, ta miƙa masa, ya ɗora bakinsa daidai inda ta ɗora nata. To kai wa ya hana ka zama kusa da ita, ku ci a kwano ɗaya? In kunyar surukai ce, ai akwai waya. Kira ta da dare, ka fara da ita kafin yaro.

In ta dawo, kada ka ɗauka jini ya ɗauke shi ke nan. Shayarwa kan rage sha'awa, ta kawo bushewar gaba har saduwa ta yi zafi, ga tsoron sabon ciki a kan goyo. Ba ƙinka take yi ba. Karɓi yaron bayan Isha'i ta samu barcin awa biyu a jere, ku yi maganar tazara a fili, ku je asibiti tare in zafin ya ƙi tafiya.

Ke ma 'yar uwa, shiru da kumburi ba sa isar da saƙo. Ki ce masa, "Baban Amir, na gaji, zauna nan kusa da ni."

Kukan da ke zuwa babu dalili a kwanakin farko yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ba ta barci ko da yaro ya yi, ba ta jin daɗin komai, ko tana cewa gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana da magani. A ci gaba da addu'a, amma kai da kanka za ka kai ta wurin likita, a ranar in ta ambaci mutuwa.