Ragon layya a hoto: ƙaho da tumbi ake sayar muku

Tun kafin watan Zulhajji ya kama, wayata ta cika da raguna. Duk wanda ya ɗaure biyu a bayan gida a Gusau ya zama dillali, sai hoto a WhatsApp da lambar asusu a ƙasa. Sayarwar ba ta dame ni ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu ilimi, waɗanda ba za su sayi shadda ba su murza ta ba, ke tura kuɗi don sun ga ƙaho ya murɗe.

Bara wani ƙanena ya yi irin wannan cinikin biri a sama. An turo masa hoton wani Uda, gaba baƙi baya fari, ƙahoni sun baje kamar za su tsage wayar. Da aka sauke shi daga a-kori-kura sai ga dogon ƙashi sanye da fata. Mahauci ya dafa gadon bayansa sau ɗaya, ya ce, "Alhaji, ai wannan kai ka saya." Da muka koma kan hoton, komai na nan a fili. Mai ɗauka ya durƙusa ne a gaban ragon, ya kusanto da waya daf da hancinsa, kuma kyamara tana kumbura abin da ke kusa da ita ta tsuke na nesa. Wanda ke riƙe da igiyar ma yaro ne ɗan shekara bakwai. Kusa da shi ko ɗan akuya sai ya yi kama da maraƙi.

Ƙaho ba ya shiga tukunya. Iyakar abin da yake faɗa shi ne jinsin ragon da ɗan hasashen shekarunsa, kuma tsohon rago ramamme ya fi matashi mai ƙiba ƙaho. A wajen layya, hukuncin malamanmu na Malikiyya shi ne karyayyen ƙaho ba ya hanawa sai in bai warke ba, yana jini. To me ya sa rabin hoton ƙaho ne? Don shi maƙwabta za su gani a ƙofar gida, shi ke nan.

Tumbi ya fi ƙaho yaudara. A dama wa rago dusa da gishiri ko kanwa, ya yi ta ɗirkar ruwa, kwiɓinsa na hagu ya cika tam, a wanke shi da sabulu, a ɗauka. Washegari da safe cikin ya sace. Kitse na gaske ba a ciki yake nunawa ba. Makiyayi a kasuwar Talata Mafara ko Shinkafi hannu yake ɗorawa a gadon baya, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. In ƙashin baya ya tsaya kamar bakin wuƙa, yatsu suna nutsewa a gefensa, babu nama. In wurin ya cika ya yi faɗi har sai ka danna kafin ka ji ƙashi, an yi kiwo. Daga nan ya taɓa gindin wutsiya da ƙirji. Hoton da aka ɗauka ta gaba ba ya nuna ko ɗaya daga cikin wuraren nan, kuma ba mantuwa aka yi ba.

Za a ce hanyoyin Zamfara ba lafiya, gara hoto da kasada. Gaskiya ne, amma rashin tsaro bai hana ka cewa a juya maka ragon ba. Masu cewa "ai amana ce" kuwa, su tambayi ƙanena.

In dole sai ta waya, a ɗauko hoton ragon da sassafe kafin ya ci ya sha. Ɗaya ta gefe, waya daidai tsayin kafaɗarsa, babban mutum na tsaye a jikinsa, don a ga tsawon jiki da zurfin ƙirji. Balami dogo ne dama, tsayinsa kaɗai ba shaida ba ne. Ɗaya ta baya, nan ne ƙarya ke ƙarewa: cinyoyin mai ƙiba a cike suke har suna neman haɗuwa, na ramamme kuwa akwai kwari a tsakani, ƙasusuwan ƙugu sun yi tsini. Sai a buɗe bakinsa. Manyan haƙora biyu a tsakiyar muƙamuƙin ƙasa na nufin ya haura shekara, domin tsakanin wata 12 zuwa 18 suke fitowa. Wanda haƙoransa suka zaizaye suka yi giɓi tsoho ne, namansa sai an sha wuta.

Sannan bidiyo yana tafiya, a ga idanunsa duka biyu. Gurgu da mai ido ɗaya ba sa layya, kuma dukansu kyau suke yi a hoto in an tsayar da su ta ɓangaren da ya dace. Dillalin da ya ce ba shi da data na wannan, ka bar masa ragonsa.